Yadda ake rubuta takardar miƙa aiki ga wanda zai gaje ka a kan manhaja

Kwangila ta ƙare, mai aiki ya biya, ya kuma shaida maka cewa wani ne zai ci gaba da kula da manhajar. Wanda zai gaje ka zai iya karanta kod da kansa, ba ya buƙatar ka fassara masa shi layi bayan layi. Abin da ba zai taɓa samu a cikin kod ba shi ne wanda ke kanka kaɗai: da sunan wa aka yi rajistar domen, wane aiki ne ke tashi da tsakar dare a kan sabar, wane gyara ka yi da hannu wata rana ba ka rubuta ko'ina ba, da kuma abin da zai mutu da kansa bayan wata uku idan ba a taɓa shi ba. Takardar miƙa aiki domin waɗannan ake yin ta.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Shafi ne na karɓar odar kaya, an gina shi da Django, bayanansa suna cikin PostgreSQL, yana zaune a kan sabar haya guda ɗaya mai Ubuntu, nginx na gabansa, gunicorn na bayansa. Masu saye suna biya ta wani kamfanin karɓar kuɗi na intanet, shafin kuma yana aika musu da imel na shaidar oda. Kai kaɗai ka gina shi, kai kaɗai ka kula da shi. Idan naka aikin da wasu kayan aka yi shi, sunayen ne za su bambanta, tambayoyin suna nan yadda suke.

Kafin ka rubuta komai, ka leƙa sabar

Kada ka fara da buɗe farar takarda kana rubuta abin da ka tuna. Ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da ka tsara, amma tana zubar da abin da ka yi cikin gaggawa, kuma na gaggawar ne ke cizon magaji. Ka shiga sabar ka tambaye ta abin da take yi a zahiri.

```
cd /srv/oda && git status && git diff
crontab -l
sudo crontab -l
systemctl list-timers
```

Layin farko zai nuna maka ko kod ɗin da ke aiki a sabar ya bambanta da wanda ke ma'ajiya. Idan `git diff` ya fito da wani abu, to akwai gyaran da aka yi kai tsaye a can, kuma ranar da magaji ya ɗora sabon kod, ko dai gyaran ya ɓace ko kuma ɗorawar ta cije. Ka mayar da gyaran cikin ma'ajiya tun yau. Sauran layukan uku suna fito da ayyukan da ke tashi da kansu a kan lokaci. Ka lura cewa kowane mai amfani a sabar da nasa jadawalin, shi ya sa ake duba naka a kuma duba na `root`, sannan a leƙa `/etc/cron.d/` domin wasu ayyukan a can suke kwana.

Daga nan sai fayilolin da ba su cikin ma'ajiya kwata-kwata. Saitin nginx da ke `/etc/nginx/sites-available/` da fayil ɗin da ke tayar da gunicorn a `/etc/systemd/system/` su ne na gaba-gaba. A misalinmu, wata rana ma'aikatan mai aiki sun kasa ɗora hotunan kaya, shafin yana ba su `413 Request Entity Too Large`, domin nginx a asalinsa ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1. Ka ƙara `client_max_body_size 10m;` matsalar ta wuce, ka manta. Layi ɗaya ne tal, amma duk wanda ya sake gina sabar ba tare da shi ba zai ɓata yini yana neman laifin a cikin Django, inda babu shi. Ka kwafi waɗannan fayiloli ka sa su a wata jaka cikin ma'ajiya, misali `deploy/`, ka ambaci wurin a takarda.

Asusu: na wa ne, kuma wayar wa ke karɓar lamba

Nan ne ya fi cancanta ka daɗe. Yawancin masu zaman kansu suna buɗe asusun farko da imel ɗinsu don aiki ya yi sauri, da niyyar a gyara daga baya, daga bayan kuma ba ta zuwa sai ranar rabuwa. Ka zauna ka lissafa kowane wuri da manhajar ke dogaro da shi: inda aka sayi domen, inda ake sarrafa bayanan DNS, kamfanin da ya ba da hayar sabar, ma'ajiyar kod, kamfanin karɓar kuɗi, kamfanin aika imel, da inda ake ajiye kwafin bayanai. Ga kowanne, takarda ta amsa tambaya huɗu. Da wane imel aka buɗe shi? Katin wa ake cira? Yaushe zai ƙare ko a sabunta shi? Wayar wa ke karɓar lambar tabbatarwa ta mataki na biyu?

Tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. Ka ba magaji imel da kalmar sirri daidai, ya shiga, shafin ya nemi lamba shida da ke fitowa a wayarka kaɗai, kai kuwa ka riga ka koma wani aikin. Maganinta shi ne mai aiki ya sa tasa wayar kana kallo, ya kuma adana lambobin ceto da kamfanin ke bayarwa.

Ka lura da wanda ake mayar wa asusu: mai aiki ne, ba magaji ba. Magaji shi ma wata rana zai tafi. Mai aiki ya zama mamallaki, shi kuma ya gayyaci magaji da nasa asusun daban. Idan mai aikin bai iya waɗannan abubuwa ba, ku yi su tare ta kiran bidiyo, yana dannawa kana faɗa masa. Ya fi ka karɓi kalmar sirrinsa ka yi masa.

Domen yana da nasa tarko. Idan ya ƙare ba a sabunta ba, shafi da imel duk sukan tsaya tare. Ga irin `.com`, bayan ɗan wa'adin sassauci da mai rajista ke bayarwa, akwai kwana 30 na fansa da kuɗinsa ya ninka na sabuntawa, bayan nan a sake shi ga duk mai so. Sannan sauya sunan mamallaki ko ƙaurar da domen zuwa wani kamfanin rajista na iya jawo kulle na kwana 60 da ba za a sake motsa shi ba. Saboda haka idan domen na cikin asusunka, hanya mafi sauƙi ita ce mai aiki ya buɗe asusu a kamfanin da kake, ka tura masa shi daga asusu zuwa asusu. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi dukkan bayanan DNS ka sa a takarda, musamman na `MX` da na `TXT` masu ɗauke da SPF da DKIM. Idan waɗannan suka ɓace a ƙaura, shafi zai ci gaba da buɗewa lafiya lau, amma imel ɗin shaidar oda zai riƙa faɗawa jakar tarkace, kuma sai masu saye sun fara ƙorafi za a gane.

Ma'ajiyar kod ta fi sauƙi. A GitHub akwai `Transfer ownership` a ƙasan `Settings`, kuma yana tafiya da tarihin aiki da batutuwan da aka buɗe. Idan zuwa asusun mutum ɗaya kake turawa, sai ya amsa gayyatar cikin kwana ɗaya, in ba haka ba ta lalace, don haka ka sanar da shi kafin ka danna. Abin da ba ya bin ma'ajiya shi ne duk wani tokin da ka ƙirƙira da asusunka. Idan sabar tana jawo kod da tokin ɗinka, ranar da aka cire ka `git pull` zai daina aiki. Ka sauya shi da mabuɗin da ke manne da ma'ajiyar kanta, wanda GitHub ke kira `Deploy keys`, ka gwada shi kafin ka tafi.

Sirri ba ya shiga takarda

Takardar za ta yi yawo: imel, jakar ma'aikata, wataƙila har cikin ma'ajiya. Don haka sunayen sirrika take ɗauka da bayanin aikinsu, ba su kansu ba. Ka yi fayil `.env.example` mai sunaye babu ƙima:

```
SECRET_KEY=
DATABASE_URL=
PAYMENT_SECRET_KEY=
PAYMENT_WEBHOOK_SECRET=
SMTP_PASSWORD=
```

A takarda ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi inda ake samo kowanne da abin da zai faru idan aka sauya shi. Wannan na biyun yana da amfani domin magaji nagari zai so ya sabunta dukkan sirrika bayan tafiyarka, kuma daidai ne ya yi haka, ba zargi ba ne. Sauya `SECRET_KEY` na Django zai fitar da duk wanda ke cikin shafin, ya kuma kashe hanyoyin sake kalmar sirri da aka riga aka aika wa mutane. Tun daga Django 4.1 akwai `SECRET_KEY_FALLBACKS` da ke ba da damar riƙe tsohon na ɗan lokaci. Sauya sirrin `webhook` kuwa dole a yi shi a wuri biyu a lokaci guda, a sabar da kuma a shafin kamfanin karɓar kuɗi, in ba haka ba mutane za su biya amma odarsu ta ci gaba da nuna ba a biya ba.

Ainihin ƙimomin ka miƙa su ta manhajar adana kalmomin sirri, zuwa ga mai aiki. Sannan ka duba ko wani sirri ya taɓa shiga tarihin kod:

```
git log --all --oneline -- .env
```

Idan ya fito da ko layi ɗaya, goge fayil ɗin da aka yi daga baya bai wadatar ba, domin yana nan a tarihi ga duk wanda ya kwafi ma'ajiyar. Ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takarda, a sauya duk abin da ke ciki.

Yadda ake ɗora sabon kod, da yadda ake ja da baya

Ka rubuta umarnin daidai yadda kake buga su, a jeren da kake buga su. "A ɗora kamar yadda aka saba" ba umarni ba ne. A misalinmu ga su:

```
cd /srv/oda
pg_dump -Fc oda > ~/kafin_dorawa.dump
git pull
venv/bin/pip install -r requirements.txt
venv/bin/python manage.py migrate
venv/bin/python manage.py collectstatic --noinput
sudo systemctl restart gunicorn
```

A ƙarƙashinsu ka faɗi yadda mutum zai san abin ya yi: ya buɗe shafin farko, ya sa odar gwaji, ya duba `journalctl -u gunicorn -n 50` ya ga babu kuskure. Ka kuma faɗi alamar kowane mataki da aka tsallake. Wanda ya manta `collectstatic` zai ga sabon shafi da tsohon fasali ko babu fasalin ma. Wanda ya manta `migrate` zai ga kuskuren 500 a duk shafin da ya taɓa sabon ginshiƙin bayanai. Wanda ya manta sake tayar da gunicorn zai rantse cewa gyaransa bai yi aiki ba, alhali tsohon kod ne har yanzu ke gudana.

Layi na biyu, wato `pg_dump`, shi ne hanyar ja da baya. Komawa tsohon kod da git abu ne na daƙiƙu, amma git ba ya mayar da rumbun bayanai yadda yake. Idan `migrate` ya goge ginshiƙi, abin da ke cikinsa ya tafi, sai daga kwafi. Ka bayyana wannan a takarda ko da kana ganin kowa ya sani.

Kwafin bayanai: ka dawo da shi sau ɗaya da hannunka

Jimlar "ana ɗaukar kwafi kowane dare" tana cikin kusan kowace takardar miƙa aiki, kuma ba ta tabbatar da komai. Aikin na iya tsayawa tun watanni saboda faifai ya cika, ko ya riƙa fitar da fayil maras komai saboda an sauya kalmar sirrin rumbun bayanai. Ka ɗauko kwafin daren jiya zuwa wata kwamfuta ka dawo da shi:

```
createdb gwaji
pg_restore --no-owner -d gwaji oda_jiya.dump
psql gwaji -c "select count(*), max(created_at) from orders_order;"
```

Idan adadin odar ya yi kusa da na shafin gaske, kuma oda ta ƙarshe ta jiya ce, kwafin na da rai. Ka rubuta ranar da ka yi gwajin da sakamakonsa. Idan `pg_restore` ya ce `unsupported version`, to na kwamfutarka ya girmi wanda ya ɗauki kwafin, shi ya sa lambar PostgreSQL da ke sabar ta cancanci shiga takarda.

Abu biyu kuma. Hotunan kaya da ma'aikata suka ɗora suna jakar `media/`, ba su cikin rumbun bayanai, ba su cikin git. Idan kwafinka bai haɗa da su ba, ka faɗa. Sannan kwafin da ke zaune a kan sabar da ake tsoron mutuwarta ba zai ceci kowa ba. Idan ana tura shi wani wuri, asusun wurin ma yana cikin waɗanda za a mayar wa mai aiki.

Abubuwan da ke da ranar mutuwa

Ka ware wa wannan sashe nasa, da kwanan wata a gaban kowane abu. Domen mun riga mun yi maganarsa. Satifiket ɗin HTTPS na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, certbot kuma yana sabunta shi da kansa idan saura kamar kwana 30. Wannan tazarar ce ke sa matsalar ɓuya: idan wani abu da aka sauya a makon miƙa aiki ya karya sabuntawar, shafin zai yi ta aiki makonni kafin wata safiya masu saye su ga gargaɗin cewa ba shi da tsaro. Da can ana samun imel na tunatarwa, amma Let's Encrypt ta daina aika shi a watan Yunin 2025, don haka kada a dogara da shi. Ka buga `sudo certbot certificates` ka kwafi ranar ƙarewa, ka buga `sudo certbot renew --dry-run` ka tabbatar sabuntawar na tafiya.

Kayan da aka yi ginin da su ma suna da wa'adi. Tallafin Django 4.2 zuwa Afrilun 2026 aka tsara shi, Python 3.8 ya daina samun gyaran tsaro tun Oktoban 2024, Ubuntu 22.04 kuma tallafinsa na yau da kullum zuwa 2027 ne. Ba dole ba ne ka sabunta su kafin ka tafi idan ba a biya ka don haka ba. Dole ne dai ka rubuta lambar kowanne da lokacin da tallafinsa zai ƙare, domin mai aiki ya san akwai kashe kuɗi a gaba, kada ya ɗauka sabon mutum ne ke ƙirƙiro masa aiki.

Inda ƙasa ke da rami

Wannan sashen shi ne masu rubutu ke jin nauyinsa, domin kamar tona asirin kai ne. Shi ne kuma magaji zai fara nema. Kowace manhaja tana da wurin da ke kama da kuskure amma da gangan aka yi shi, da wurin da ke kama da lafiyayye amma a lallaɓe yake. Ka raba su biyu, ka ba kowanne dalilinsa, domin abin da ba a faɗi dalilinsa ba magaji zai "gyara" shi.

Ga yadda wannan ɓangare zai kasance a misalinmu, da muryar da ta dace tsakanin abokan sana'a biyu da ba su san juna ba:

"Barka da aiki. Akwai abu uku da nake so ku sani kafin ku taɓa sashen biyan kuɗi. Na farko, za ku ga wani aiki a `crontab` mai suna `daidaita_biya` da ke tashi ƙarfe 2 na dare, agogon UTC, domin sabar a kan UTC take. Kada ku cire shi ko da kun ga kamar maimaici ne. Saƙon `webhook` daga kamfanin karɓar kuɗi wani lokaci ba ya isowa, shi kuma wannan aikin yana bin duk odar da ke jiran biya ya tambayi kamfanin kai tsaye. Idan ya tsaya, alamar ita ce masu saye su fara kira suna cewa an cire musu kuɗi amma oda ba ta motsa ba. Abin da ya rubuta yana `/var/log/oda/daidaita.log`. Na biyu, ana ajiye farashi a rumbun bayanai da ƙaramin kason kuɗi, lamba cikakkiya babu ɗigo, sai wajen nunawa ake raba shi da 100. Da gangan ne, don kauce wa kuskuren lissafin lambobi masu ɗigo. Na uku ba da gangan ba ne: shafin rahoton wata yana jawo dukkan oda lokaci guda, yanzu yana ɗaukar daƙiƙu kafin ya buɗe, kuma zai ƙara nauyi yayin da oda ke ƙaruwa. Idan ya wuce daƙiƙa 30 gunicorn zai yanke shi, za a ga 502. Na so in mayar da lissafin cikin rumbun bayanai, lokaci bai kai ba. Wurin farawa shi ne `reports/views.py`."

Ka ga babu neman gafara a ciki, babu kare kai. Kowane abu ya zo da alamarsa da wurin da za a duba. Haka nan babu sukar mai aiki. Idan shi ne ya ƙi biyan kuɗin gyaran rahoton, ka rubuta cewa an ɗage shi, ka tsaya nan. Zai karanta takardar, kuma ba wurin rama gayya ba ne.

A wannan sashe ne kuma ake faɗin aikin da aka fara ba a gama ba. Idan akwai reshe a ma'ajiya da ka bari a rabi, ka ce ko a ci gaba da shi ko a watsar. Idan mai aiki ya taɓa neman wani abu kuka yi shawara aka fasa, ka rubuta dalilin cikin jimla biyu, domin zai sake neman sa a wurin sabon mutum.

Tsari da tsawo

Ba a buƙatar littafi. Shafi uku zuwa biyar sun ishi aiki irin wannan. Ka sa shi a ma'ajiya da suna `HANDOVER.md`, ka aika wa mai aiki kwafi, ka sa kwanan wata da lambar `commit` ta ƙarshe a samansa, domin wanda ya karanta bayan shekara ya san daga ina abubuwa suka fara sauyawa. Farkon takardar ya zama abin da mutum zai buƙata idan shafi ya faɗi a daren farko: yadda ake shiga sabar, inda rubutun kurakurai yake, yadda ake sake tayar da manhajar. Tarihin dalilin da ya sa ka zaɓi Django zai iya jira a ƙarshe, ko a bar shi gaba ɗaya.

Gwajin takardar

Yanzu ka ajiye abin da ka sani gefe, ka bi takardar kamar baƙo. Ka samu kwamfuta ko ƙaramar sabar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ka kwafo ma'ajiyar, ka bi umarnin harafi da harafi. Ƙa'idar ita ce duk inda ka buga wani abu da ba ya cikin takarda, ka tsaya ka ƙara shi. Kusan kullum a nan ake gano cewa `requirements.txt` ya rasa wani kunshi da ka girka da hannu tun farkon aiki, ko akwai kunshin Ubuntu irin su `libpq-dev` da ake buƙata kafin `pip` ya wuce, ko kuma shafin ba ya buɗewa sai an ƙirƙiri wani layi a rumbun bayanai da ba wanda ya ambata. Kwatanta abin da `pip freeze` ya fitar a sabar da abin da ke `requirements.txt` yana kama na farkon cikin minti ɗaya.

Idan an riga an san magajin, gwajin da ya fi wannan shi ne ku haɗu na awa ɗaya, shi ya ɗora wani ƙaramin gyara a shafin gaske, ko da gyaran rubutu ne, da nasa mabuɗin da nasa asusun, kai kana kallo ba ka taɓa komai. Duk tambayar da ya yi maka, amsarta ta shiga takarda kafin ku rabu.

Fitarka

Jeren yana da muhimmanci: a fara shigar da su, a gwada, sannan a cire ka. Wanda ya goge mabuɗinsa daga `~/.ssh/authorized_keys` kafin magaji ya tabbatar nasa na buɗewa zai iya kulle kowa a waje, musamman a sabar da aka hana shiga da kalmar sirri. Ka bar tagarka a buɗe, shi ya shiga ta wata, ya gwada `sudo`, sannan ka goge layinka. Ka duba fayil ɗin a asusun `root` ma.

Bayan haka ka bi lissafin asusun nan daga sama zuwa ƙasa kana cire kanka: katinka daga kamfanin sabar, imel ɗinka daga masu karɓar sanarwar kurakurai a `ADMINS`, asusunka na mai gudanarwa a cikin shafin, da sunanka a ma'ajiya, domin GitHub yakan bar tsohon mamallaki a matsayin abokin aiki bayan an tura ta zuwa asusun mutum. Ka goge kwafin bayanan masu saye da ke kwamfutarka, har da wanda ka yi gwajin dawowa da shi, domin sunaye da lambobin wayar mutane ne da ba ka da sauran dalilin riƙewa. Ka rubuta a takarda cewa ka yi haka, da ranar.

Layin ƙarshe na takardar ya faɗi iyakar abin da za a iya nema a wurinka. Misali: "Zan amsa tambayoyi ta imel har kwana 14 daga yau, cikin kwana biyu na aiki. Gyara ko sabon aiki sai da sabuwar yarjejeniya da mai aikin." Ku daidaita wannan da mai aiki tun kafin ka rubuta shi, kuma ka nemi ya amsa maka a rubuce cewa ya karɓi takardar, ya shiga kowane asusu da kansa, ya ga sunansa a matsayin mamallaki.